Murya ko Rubutu: Wace Hanya ta fi Dacewa da Fassarar Fina-finan Ƙetare Zuwa Hausa?

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa shagunan masu tura fina-finai a waya a garin Dutse, ko a Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ko a rumfunan kasuwar Shuwarin, zai tarar cewa daga cikin hajar da ta fi tafiya akwai abin da ake kira Indiya-Hausa. Wato fim ɗin Indiya da aka cire muryoyin 'yan wasansa, aka ɗora muryoyin Hausawa. Wannan sana'a ta bunƙasa a Kano bayan shekarar 2010, kuma sunan kamfanin Algaita ya yi fice a cikinta, har ya zama wasu masu kallo ba sa tambayar sunan fim, sai dai su tambayi wanda ya fassara shi.

Hanyoyi biyu ne manya ake bi a isar da fim ga wanda ba ya jin harshen da aka yi shi. Ta farko ita ce fassarar rubutu, inda ake barin muryar ɗan wasa yadda take, a riƙa rubuta ma'anar maganarsa a ƙasan allo. Ta biyu ita ce fassarar murya, wadda masu sana'ar ke kira dobin. An daɗe ana muhawara a kan wadda ta fi, kuma yawancin masu ilmin boko sukan ɗauka cewa rubutu shi ne riƙon amana, murya kuwa wasa ne da aikin mutane. Wannan maƙala tana ganin cewa hukuncin bai yi adalci ba. Kowace hanya tana da abin da take ceto da abin da take zubarwa, kuma tambayar da ta kamata mai fassara ya yi ita ce: a ina nauyin wannan fitowa yake, a cikin muryar ɗan wasa ko a cikin lokacin da kalma ta faɗo a kunne? Amsar wannan tambaya ita ce za ta zaɓa masa hanya.

2.0 Waiwaye

Bahaushe ya fara kallon fim ɗin Indiya tun wajajen shekarun 1950, lokacin da 'yan kasuwa Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da su. Shekara da shekaru ana kallon fina-finai irin su Mother India na 1957 da Sholay na 1975 ba tare da an ji harshen Hindi ba. Masu kallo suna karanta fuska da motsin jiki da kiɗa, har suka raɗa wa 'yan wasa sunaye na Hausa. Masanin nan Brian Larkin ya ruwaito cewa a Kano ana kiran Dharmendra da Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Wannan yana nuna cewa Bahaushe ya daɗe da ƙwarewa wajen karanta wasan jiki. Abin da ya rasa shi ne magana, musamman barkwancin da ke cikin magana.

Idan aka duba sauran duniya, za a ga kowace ƙasa da al'adarta. Jamus da Italiya da Sifen da Faransa sun saba da fassarar murya, ƙasashen Holan da Suwidin da Nowe kuwa sun saba da rubutu. A Folan akan sa mutum ɗaya ya riƙa karanta fassara a kan muryoyin asali, a Yuganda kuma akwai masu fassarar baka da ke sharhi da barkwanci a kan fim yana tafiya. Ke nan babu wata hanya da aka saukar daga sama. Yawan masu kallo da ƙarfin aljihu da sabo da karatu su ne suka zaɓa wa kowa tasa.

3.0 Fassarar Rubutu da Iyakokinta

Babbar falalar fassarar rubutu ita ce tana barin ɗan wasa da muryarsa. Murya kuwa rabin wasa ce. Wanda ya kalli Amjad Khan a matsayin ɗan fashin nan Gabbar Singh a cikin Sholay ya san cewa tsoron da yake sakawa ba daga kalmominsa kaɗai yake fitowa ba. Yana fitowa daga yadda yake jan magana a hankali, ya yi shiru, ya fashe da dariya, sa'an nan ya ɗauke ta farat ɗaya. Haka ma kaurin muryar Amitabh Bachchan, wadda ko da ido a rufe ake gane ta. Rubutu yana kare wannan dukiya, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba, domin mutum ɗaya da kwamfuta ɗaya sun isa aikin.

Amma rubutu yana da ƙa'idar da ba ta ɗaga ƙafa, wato ƙa'idar wuri da lokaci. Masu wannan aiki ba sa wuce layi biyu a kan allo, kuma kowane layi ba ya wuce harafi 35 zuwa 42, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Tsohuwar ƙa'idar da aka daɗe ana bi a talabijin ta ce cikakkun layuka biyu suna buƙatar sakan shida kafin mai kallo ya karance su, wato kimanin harafi 12 a kowane sakan. Baki kuwa ya fi ido sauri. Saboda haka dole mai fassara ya yi yanka.

Alal misali, a ce wani saurayi a cikin fim ya yi wa wani dattijo rashin kunya, sai daga baya ya gane surukinsa ne, ya yi magana ta tsawon sakan huɗu. Cikakkiyar fassararta ita ce: "Ranka ya daɗe, wallahi ban san cewa kai ne mahaifin yarinyar nan ba." Wannan jimla tana da harafi 68. Sakan huɗu kuwa harafi 48 kawai suke ɗauka. Mai fassara zai rage ta ta koma: "Ban san kai ne mahaifinta ba," mai harafi 29. Saƙon ya isa, amma a duba abin da ya zube. Gaisuwar girmamawa ta tafi, rantsuwa ta tafi, kuma su ne suke ɗauke da ruɗewar saurayin da rawar jikinsa, su ne kuma abin dariyar. Abin da almakashin rubutu ya fi ci shi ne irin waɗannan: maimaici, in'ina, rantsuwa, kirari, da kalmomin ban girma. A idon mai ƙidayar harafi ƙari ne, a wurin ɗan wasa kuwa su ne halin mutumin da yake kwaikwayo.

Matsala ta biyu ita ce ta lokaci. Barkwanci yana rayuwa ne a kan jinkiri. Mai ba da dariya yakan riƙe kalmar ƙarshe har sai kowa ya saki jiki, sa'an nan ya sake ta. Rubutu kuwa yakan fito da jimla gaba ɗayanta. Mai saurin karatu zai riga ɗan wasa isa ga kalmar, ya yi dariyarsa kafin lokaci. Mai jinkirin karatu kuma zai iso bayan an wuce wurin. A gidan kallo mai mutum talatin, dariya sai ta warwatse, alhali dariyar taro ita ce take kiran 'yar'uwarta.

Matsala ta uku ta shafi Hausa ita kanta da masu karatunta. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Kalmar "gari" ta mazauni da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya a rubuce, haka "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Mai karatun littafi yana da lokacin da zai koma baya ya tantance, mai kallon fim ba shi da shi. Idan kuma na'urar ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai "baƙi" ya koma "baki", "ƙafa" ta koma "kafa". Daɗin daɗawa, yawancin kallo a yau a kan allon waya ake yi, wani lokaci mutum uku ko huɗu a kan waya ɗaya. Akwai kuma jama'a masu yawa a ƙauyukan Miga da Buji da Gwaram, maza da mata, waɗanda karatunsu na allo da ajami ne, ko kuma bokonsu bai kai saurin harafi 12 a sakan ba. Wanda ya ce lallai sai rubutu, ya sani cewa waɗannan ne ya kora daga wurin kallo.

4.0 Fassarar Murya da Haɗurranta

Fassarar murya tana mayar wa mai kallo idonsa. Ba ya raba hankali tsakanin fuska da ƙasan allo, kuma kalma tana faɗo masa a lokacin da aka so ta faɗo. Amma aikin yana da sharuɗɗa uku, waɗanda ake kira daidaito. Na farko shi ne daidaiton tsawo: maganar Hausa ta fara lokacin da baki ya buɗe, ta ƙare lokacin da ya rufe. Na biyu shi ne daidaiton leɓɓa: idan an nuna fuska kusa, kuma leɓɓan ɗan wasa suka haɗu, to ya kamata a ji baƙin leɓɓa a Hausa, kamar /b/ ko /ɓ/ ko /m/ ko /f/. Na uku shi ne daidaiton motsi: kalmar da take da nauyi ta zo daidai da bugun teburi ko nunin yatsa.

Sharaɗi na uku shi ne ya fi wuya tsakanin Hindi da Hausa, saboda bambancin ginin jimla. Hindi tana ajiye aikatau a ƙarshe, wato tsarinta aikau, karɓau, aikatau. Hausa kuwa aikau, aikatau, karɓau. Jarumin da zai yi barazanar kashe abokin gabarsa zai faɗi kalmar kisa a ƙarshen jimlar Hindi, a nan ne kuma zai zare ido. Idan aka ce "Zan kashe ka a gaban mutanen garin nan," kalmar kisa ta zo da wuri, zare idon kuma ya faɗa kan "garin nan". Gwanin mai fassara zai juya jimlar: "A gaban mutanen garin nan zan kashe ka." Ma'ana ɗaya ce, amma yanzu murya da ido sun haɗu. Irin wannan juyi shi ne ainihin gwanintar aikin, kuma ɗalibin nahawu ya fi kowa cancantar iya shi.

Akwai kuma wurin da murya ta fi rubutu na Ingilishi ƙarfi ƙwarai. Hindi tana da matakai uku na wakilin suna na mutum na biyu: "tu" na raini ko matuƙar shaƙuwa, "tum" na tsara, da "aap" na girmamawa. Ɗan da ya saba ce wa mahaifinsa "aap", ranar da ya sauko zuwa "tum", an san zumunci ya tsinke. Ingilishi kalma ɗaya gare shi a duk matakan uku, don haka mai karanta fassarar Ingilishi ba zai ga abin da ya faru ba. Hausa kuwa tana da maganin abin: yaron da ya saba cewa "Baba, kun dawo?" ranar da ya ce "Kai, ka dawo?" babu Bahaushen da gabansa ba zai faɗi ba.

Haɗarin fassarar murya yana cikin ƙarfinta. Tun da an shafe muryar asali, mai kallo ba shi da abin da zai auna fassarar da shi. Mai fassara ya zama sabon marubuci ba tare da mai sa ido ba, kuma ana iya gane inda ya wuce gona da iri ta alamu huɗu. Alama ta farko ita ce a ji magana alhali bakin ɗan wasa a rufe yake, ko ya juya baya, wato an cusa barkwancin da babu shi. Ta biyu ita ce a ga fuska tana kuka, murya kuma tana baƙar magana, har fitowar da aka shirya don ta sa hawaye ta koma ta dariya. Ta uku ita ce saɓanin ido da kunne a al'ada, kamar a ga mutum a gaban abin bautarsa a wurin ibadar Hindu, a ji yana addu'a irin ta Musulmi. Ta huɗu ta na'ura ce: a ji kiɗa yana nutsewa duk lokacin da za a yi magana, ya taso idan an gama. Wannan yana faruwa ne idan mai dobin bai samu sautin kiɗa da na motsi a ware daga masu fim ba, sai ya riƙa danne sautin gaba ɗaya don ya ɗora nasa. Wanda ya sayi izinin fassara daga masu haƙƙin mallaka shi ake ba wannan sauti a ware, don haka batun izini yana taɓa ingancin aiki kamar yadda yake taɓa doka.

A ƙara da cewa da yawa daga finafinan da ake fassarawa na kudancin Indiya ne, na harsunan Telugu da Tamil, waɗanda aka riga aka mayar Hindi. Hausar da ake ji ke nan fassarar fassara ce. Kowane zango kuwa da abin da yake faɗuwa daga kaya.

5.0 Gwaji: Jawabin Chatur

Domin a ga yadda hanyoyin biyu suke aiki a kan abu ɗaya, a ɗauki fitowar da ta yi suna a fim ɗin 3 Idiots na 2009, wanda Rajkumar Hirani ya ba da umarni. Akwai ɗalibi mai suna Chatur, sarkin hadda, wanda bai iya Hindi sosai ba domin ba a cikinta ya tashi ba. An rubuta masa jawabin yabo da zai gabatar ranar bikin malamai a gaban shugaban kwaleji da minista. Sai Rancho, wanda Aamir Khan ya fito a matsayinsa, ya sauya wasu kalmomi a cikin takardar, don ya nuna illar hadda ba fahimta. Kalmar "chamatkar", mai nufin abin al'ajabi, ta koma "balatkar", mai nufin fyaɗe. Kalmar da ke nufin dukiya kuma ta koma wata mai kama da ita da ke nufin wani sashe na jikin mace. Chatur ya haddace, ya hau mumbari, ya yi ta zuba ɓatanci da fara'a yana zaton yabo yake yi.

Abin dariya a nan hawa uku ne. Akwai kamannin sauti tsakanin kalmar yabo da ta ɓatanci. Akwai gurguwar Hindin ɗan wasan, Omi Vaidya, wanda shi kansa a Amurka ya tashi. Akwai kuma lokaci: kalmar tana faɗowa, sai a nuna fuskar shugaban kwaleji, sai ɗalibai su ɓarke da dariya.

Mai fassarar rubutu zai ci karo da bango a hawa na farko. Idan ya rubuta "abin al'ajabi" da "fyaɗe", babu wata kama tsakaninsu a Hausa, mai kallo kuma zai yi mamakin yadda mai hankali zai rikita su. Ba shi da wurin yin bayani, domin layi biyu ne kawai rabonsa. A hawa na biyu, mai kallo zai ji muryar Omi Vaidya, amma wanda bai san daidaitacciyar Hindi ba ba zai gane cewa wannan gurguwa ce ba. Muryar asali ta tsira, amfaninta bai iso ba. A hawa na uku kuma, ido yana ƙasan allo lokacin da fuskar shugaban ta canza.

Mai fassarar murya yana da mafita, in ya san harshensa. Abin da zai nema shi ne tagwayen kalmomin Hausa masu kama da juna, ɗaya yabo ɗaya zagi. A ce ya zaɓi "haziƙanci" da "fasiƙanci". Gaɓoɓinsu huɗu-huɗu ne, ƙarshensu ɗaya, kuma wanda bai ƙware a Hausa ba zai iya rikita su. Sai a ji Chatur yana shelar cewa shugaban kwaleji ya shafe shekaru yana nuna fasiƙanci a kan fasiƙanci, kuma yana fata ɗalibansa za su yaɗa wannan fasiƙanci a duniya. Har ma daidaiton leɓɓa ya samu, domin kalmar Hindi ta fara da /b/, ta Hausa kuma da /f/, wadda yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta ta. A kalma ta biyu yana iya sanya "tallafi" ya koma "tsafi", sai a ji ana gode wa minista saboda tsafin da yake yi wa kwaleji.

To, me aka yi a nan? An sauya kalmomi, an kiyaye dabarar. Ma'anar ƙamus ta kauce, amma abin da marubucin fim ya nufa, wato mai hadda ya zagi wanda yake yabo bai sani ba, ya iso cif. An kuma samu ƙarin riba, domin wasa da kalmar fyaɗe abu ne da bai dace ba, balle a ɗakin da uwa da 'ya'yanta suke kallo tare. Wannan shi ne bambancin sauyi na halal da cushe. Sauyi na halal yana yi wa niyyar fitowar hidima. Cushe kuwa yana yi wa sunan mai fassara hidima.

Saura hawa na biyu, wato gurguwar Hindi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba Chatur Hausar wata ƙabila da aka saba kwaikwayo a wasannin barkwanci. Za a yi dariya, amma an karkatar da kibiya. Fim ɗin yana yi wa hadda ba fahimta ba'a, fassarar kuma ta koma yi wa maƙwabta ba'a. Abin da ya fi shi ne a ba shi Hausar ɗan Hausawan da ya tashi a ƙasar waje, mai rikita "ka" da "ki", mai furta /ƙ/ kamar /k/. Wannan ya fi kusa da asalin halin, kuma bai taɓa mutuncin kowa ba.

6.0 Matsayar Wannan Maƙala

Bisa ga abin da ya gabata, ga masu kallo irin na Dutse da kewayenta, fassarar murya ita ce ta fi dacewa da fim ɗin barkwanci da na faɗa da duk wanda maganarsa take da sauri. Dalili shi ne ita kaɗai take isa ga kowa, kuma ita kaɗai take kiyaye lokacin dariya. Sai dai wannan zaɓi yana tafe da sharaɗi: kada a sa magana a bakin da yake rufe, kada a mayar da kuka dariya, kuma kada a musuluntar da abin da ido yake ganin ba haka yake ba.

Fassarar rubutu kuma tana da wuraren da babu mai karɓe mata su. Na farko shi ne fim ɗin da nauyinsa yake cikin muryar ɗan wasa, irin fitowar Gabbar Singh. Na biyu shi ne waƙa. Masu Indiya-Hausa sukan bar waƙoƙi da harshensu na asali, kuma sun yi daidai, amma sau da yawa waƙar tana ɗauke da wani ɓangare na labari. Layi biyu na Hausa a ƙasan allo za su cike wannan giɓi ba tare da an taɓa muryar mawaƙi ba. Ke nan fim ɗaya yana iya cin moriyar hanyoyin biyu. Na uku shi ne aji, inda ake son ɗalibi ya ji asali ya kuma ga fassara a lokaci guda.

Akwai masu sukar da ya kamata a saurara. Wasu 'yan masana'antar Kannywood sun koka cewa Indiya-Hausa ta janye musu kasuwa, domin mai fassara yana sayar da aikin da aka kashe maƙudan kuɗi a kansa da kuɗin ɗora murya kawai. Kuka ne mai tushe, amma maganinsa yana wajen bin dokar haƙƙin mallaka, ba wajen hana Bahaushe jin fim da harshensa ba. Wasu iyaye da malamai kuma suna cewa yara suna kwasar baƙar magana da sara daga waɗannan fina-finai. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata malamin Hausa ya kau da kai ba. Yaron da aka koya wa gane cushe ba zai haɗiye duk abin da ya ji ba.

7.0 Kammalawa

Malamin da zai shiga aji a Jahun ko Birnin Kudu zai tarar da ɗalibai waɗanda sun saurari Hausar dobin ta sa'o'i masu yawa kafin su buɗe littafin fassara. Wannan jari ne a hannunsa. Fitowa ta minti biyu ta isa darasi guda: a kashe sauti, a ba rukuni ɗaya su rubuta fassarar da ba ta wuce harafi 12 a sakan ba, a ba ɗaya rukunin su shirya maganar da za ta dace da buɗewar baki da rufewarsa, sa'an nan kowane rukuni ya faɗi abin da ya tilasta masa zubarwa. A nan ɗalibi zai gane da hannunsa cewa mai rubutu yana biyan farashi da kalmomi, mai murya kuma yana biya da muryar ɗan wasa.  Gwanin mai fassara shi ne wanda ya san abin da ya zubar, kuma zai iya faɗin dalili.

Jinga

1. Nemo tagwayen kalmomin Hausa guda uku masu kama da juna a sauti, ɗaya ta yabo ɗaya ta zagi, waɗanda za su iya maye gurbin "haziƙanci" da "fasiƙanci".

2. Rage wannan jimla ta dace da sakan uku a ƙasan allo, sa'an nan ka bayyana abin da ya zube: "Haba Inna, don girman Allah ki saurare ni, ba fa abin da kike zato ba ne."

3. Kalli wani fim na Indiya-Hausa, ka kawo wurare biyu da aka yi sauyi na halal da wurare biyu da aka yi cushe, tare da hujja.